Nawa Za Ka Biya Gaba Ɗaya? Lissafin Kuɗin Ruwa Kafin Karɓar Rance

Tambayar da mafi yawan masu neman rance ke yi wa ma'aikacin banki ita ce: "Nawa za a riƙa cira mini a wata?" Idan aka faɗi adadin, mutum ya ga albashinsa ko cinikinsa zai ɗauka, sai ya nemi biro. Tambayar ba ta da laifi, domin wanda bai san abin da za a cire masa a wata ba zai iya wayar gari babu na cefane. Amma amsarta ba ta nuna tsadar bashin. Tsadar tana fitowa ne idan ka tara duk abin da zai fita daga aljihunka, tun daga ranar farko har ranar da za a ce ka gama, sannan ka cire abin da ya shigo hannunka. Abin da ya saura shi ne ladan da mai kuɗi ya ci a kanka, ko ya kira shi kuɗin ruwa, ko riba, ko caji.

Lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa ba, kuma kalkuletar wayarka ta isa. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen sanin abin da za a tara da abin da za a ɗebe. Saboda haka bari mu ɗauki rance guda ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi, ba farashin wani banki ba ne.

A ce wani ma'aikaci yana son rufe ɗakin da ya gina kafin damina ta sauka, yana buƙatar naira 600,000 na kwano da katako da kuɗin kafinta. Ya je wuri na farko, wani ƙaramin bankin ba da rance. Jami'in ya ce masa, "Ranka ya daɗe, namu da sauƙi. Ruwa kashi 3 cikin ɗari ne kawai a wata, ka biya cikin wata 12." Ya je wuri na biyu, nan ma aka ce kashi 3 a wata, wata 12. Ya je na uku, maganar ɗaya ce. Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa ukun farashinsu ɗaya, sai dai a zaɓi wanda ya fi kusa da gida ko wanda ya fi saurin sakin kuɗi. To ba ɗaya ba ne, kuma ba za a gane ba sai an karɓi jadawalin biya na kowannensu an tara.

A wuri na farko, jadawalin ya nuna naira 68,000 kowane wata, daga na farko har na goma sha biyu. Tunda adadin ba ya canzawa, ba sai an jera ana tarawa ba, ninkawa kawai za a yi: 68,000 sau 12 ya ba da 816,000. A cire 600,000 da aka karɓa, saura 216,000. Wannan shi ne kuɗin ruwan rancen gaba ɗaya. Yadda suka samo 68,000 ɗin kuwa shi ne, sun raba uwar kuɗin gida 12, kowane wata ya tashi 50,000, sannan suka ɗora kashi 3 na 600,000, wato 18,000, a kan kowane wata. Ma'aikatan banki na kiran wannan tsari "filat". Abin lura a nan shi ne, 18,000 ɗin ba ya raguwa. A watan ƙarshe, lokacin da bashin da ya rage a wuyan mutumin bai wuce 50,000 ba, har yanzu ana cajinsa ruwa kamar 600,000 ɗin na nan a hannunsa cif. Kamar wanda ya kama hayar ɗakuna goma sha biyu ne, yana mayar da makullin ɗaki ɗaya duk wata, amma mai gida na karɓar kuɗin hayar goma sha biyun har ranar da ya fita daga na ƙarshe.

A wuri na biyu, jadawalin ya fara da 68,000 shi ma, amma wata na biyu ya sauko 66,500, na uku 65,000, haka yake ta raguwa da 1,500 duk wata har ya kai 51,500 a watan ƙarshe. Dalili shi ne, su suna lissafa kashi 3 ɗin ne a kan abin da ya saura na bashin. Bayan biyan farko, saura 550,000, ruwansa 16,500. Bayan na biyu, saura 500,000, ruwansa 15,000. A nan ninkawa ba za ta yi aiki ba, domin babu adadi ɗaya da za a ninka. Dole a jera biyan goma sha biyun a tara su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗauki biyan farko ya ninka sau 12 zai sami 816,000 ya ce ai duk ɗaya ne da na farkon, alhali ya yi kuskure babba. Idan aka tara da kyau, jimillar 717,000 ce, kuɗin ruwa 117,000. Akwai ma hanyar gwada ko tarawarka ta yi daidai: tunda raguwar iri ɗaya ce kowane wata, haɗa biyan farko da na ƙarshe, 68,000 da 51,500, ka raba biyu, za ka sami 59,750, ninka shi sau 12, zai dawo da kai kan 717,000.

Tsakanin wuri na farko da na biyu, naira 99,000 ne. Kuma duka biyun babu wanda ya yi wa mutumin ƙarya, kowa kashi 3 ya ce.

Wuri na uku shi ne tsarin da manyan bankuna suka fi amfani da shi, kuma shi ya fi rikitar da mutane, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Su ma a kan ragowar bashi suke lissafa ruwa, kamar na biyun, amma sun daidaita biyan yadda kowane wata zai zama adadi ɗaya: naira 60,277 da 'yan kwabbai. Ninka shi sau 12, jimilla ta zama 723,327, kuɗin ruwa 123,327. Ya ɗara na biyun da naira dubu shida da 'yan kai, saboda a watannin farko mutum yana rage uwar kuɗin a hankali fiye da wancan, amma ya yi ƙasa da filat da fiye da 92,000.

Abin da ke faruwa a cikin wannan 60,277 ɗin ya kamata kowane mai cin bashi ya gan shi da idonsa ko sau ɗaya. A watan farko, 18,000 daga ciki ruwa ne, 42,277 ne kawai ke rage bashin, saura 557,723. A wata na biyu ruwan ya koma 16,732, abin da ya tafi ga uwar kuɗi ya hau zuwa 43,546. A na uku ruwa 15,425. Haka ɓangaren ruwa ke ta ƙanƙancewa, na uwar kuɗi na girma, har a watan ƙarshe ruwan ya zama 1,756 kacal. Adadin da ake gani a alat bai canza ba ko sau ɗaya, amma abin da ke cikinsa ya juye. Idan ka tara ruwan watanni shida na farko, za ka sami kimanin 88,197, na watanni shidan ƙarshe kuwa 35,130. Wato kafin mutum ya kai rabin zangon, ya riga ya biya fiye da kashi biyu cikin uku na ruwan. Shi ya sa ake samun wanda zai je banki bayan wata shida, yana tsammanin saura rabi, a ce masa ana binsa 326,533, ya fara faɗa yana cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba, tsarin ne haka, sai dai ba a yi masa bayani ba tun farko, ko an yi bai saurara ba.

Mai kwamfuta, ko mai manhajar Excel ko Google Sheets a waya, zai iya gwada adadin da banki ya ba shi kafin ya yarda. Layin farko yana fitar da biyan wata, na biyu yana fitar da jimillar ruwan:

```
=PMT(3%,12,-600000)
=PMT(3%,12,-600000)*12-600000
```

Idan an ce maka ruwan a kan ragowar bashi ne, amma biyan watan da ke takardarka ya zarce abin da wannan ya fitar da tazara mai yawa, to ko dai filat ne aka sakaya, ko an cusa wani caji a ciki.

Ko babu kwamfuta ma, jadawalin kansa yana tona asirin tsarin da aka bi. Jadawali na gaskiya yana raba kowane biya gida biyu, uwar kuɗi da ruwa, sannan ya nuna abin da ya saura. Duba layin ruwa daga sama zuwa ƙasa. Idan adadin bai motsa ba, filat ne, ko me aka faɗa maka da baki. Idan yana raguwa, a kan saura ake lissafawa. Sannan tara layin uwar kuɗi shi kaɗai: dole ya ba da daidai abin da aka ranta maka, kuma ragowar da ke layin ƙarshe ta zama sifili. Idan ya haura, akwai abin da aka ɗora a kan bashin wanda ba ka karɓa a hannu ba, kuma kana biyan ruwa a kansa. A ganina, duk mai ba da rancen da ya ƙi ba ka wannan jadawali a rubuce kafin ka sa hannu, ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu sai mu koma ɗaya ɓangaren lissafin, wato abin da ake ɗebewa. Da yawa suna cire adadin da aka rubuta a takarda, alhali abin da ya kamata a cire shi ne wanda ya shigo hannu. Mutumin namu ya sa hannu a kan 600,000, amma alat ɗin da ya shigo wayarsa 585,000 ne, domin an zare 15,000 tun daga tushe: kuɗin gudanarwa, kuɗin inshora, da harajin da ke kan cajin. Biyan wata kuma ba a rage shi ba, a kan 600,000 ɗin aka lissafa shi. Saboda haka, a tsarin filat, ainihin abin da rancen ya ci masa shi ne 816,000 a cire 585,000, wato 231,000, ba 216,000 ba. A wuri na uku, idan su ma sun zare 15,000, ya zama 138,327. Haka nan idan akwai kuɗin fom da ya biya daga aljihunsa kafin a saki rancen, shi ma ya shiga layin tarawa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da kundin ƙa'idar caje-cajen bankuna wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2020, inda ya ƙayyade cewa kuɗin gudanarwa da bankin kasuwanci zai karɓa a kan rance kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na kuɗin da aka bayar, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. Harajin kayan masarufi da ake ɗorawa a kan irin waɗannan caje-caje kuma ya koma kashi 7.5 tun watan Fabrairun shekarar. Wanda ya san wannan yana da bakin tambaya idan ya ga an zare masa abin da ya zarce hankali.

Akwai kuma wata dabara da wasu masu ba da rance ke yi, ta cewa sai ka ajiye wani kaso na kuɗin a asusunsu ba za ka taɓa ba har ka gama biya. Za a dawo maka da shi a ƙarshe, don haka a lissafin tarawa da ɗebewa ba ya bayyana a matsayin asara. Amma idan an riƙe 60,000 daga cikin 600,000, kana biyan ruwan 600,000 ne alhali 540,000 ka yi aiki da su. A tuna da shi lokacin kwatanta tayin wuri biyu.

Tsawon lokaci shi ne inda tarawar ta fi buɗe ido. A ce mutumin namu ya ga 60,277 ta yi masa nauyi, jami'in ya ce, "Babu damuwa, Malam, sai mu mayar maka da shi wata 24." Biyan wata ya sauko zuwa 35,428. Mutum ya ji sanyi a ransa, ya ce an yi masa rangwame. To ninka 35,428 sau 24: kimanin 850,280. Kuɗin ruwa ya tashi daga 123,327 zuwa 250,280, ya ninka har ya ɗan wuce, alhali kashi 3 ɗin bai canza ba. Idan filat ne, biyan wata zai zama 43,000, jimilla 1,032,000, ruwa 432,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ya karɓa. Ba ina cewa tsawaita lokaci kullum kuskure ba ne. Wanda albashinsa ba zai ɗauki 60,000 a wata ba, gara ya ɗauki wanda zai iya biya da ya faɗa cikin tarar jinkiri. Amma ya san cewa sauƙin da ya samu a wata saye ya yi, kuma a wannan misali farashinsa ya kai naira 127,000.

Haka abin yake da "hutun biya" da ake bayarwa a wasu rance, inda za a ce wata uku na farko ba za a cire maka komai ba. Sau da yawa biyan ne aka ɗage, ruwan kuwa yana nan yana taruwa. A kan 600,000 da kashi 3, idan ana ɗora ruwan kowane wata a kan bashin, bayan wata uku ya zama 655,636, kuma a kan wannan sabon adadin za a tsara biyan wata 12. Kowane biya ya koma 65,867, jimilla kusan 790,400, ruwa 190,400. Hutun wata ukun ya ci naira 67,000. Tambayar da za a yi ita ce ko ruwa na tafiya a lokacin hutun, kuma a nemi a ga amsar a takarda.

Ba banki kaɗai wannan lissafi ya shafa ba. Matasa da yawa a Kano da Kaduna da Katsina sun mallaki Adaidaita Sahu ko babur ta hanyar biyan sannu-sannu, inda mai kuɗi ke sayen abin hawan ya ba direba, shi kuma yana kawo wani adadi duk mako har ya zama nasa. A nan ba a ambaton kashi kaza cikin ɗari, ba a ma kiran sunan ruwa, amma tarawar tana aiki yadda take. A ce farashin keken a hannu 3,200,000 ne, aka ce direba ya ba da kafin alƙalami 300,000, sannan ya riƙa kawo 45,000 duk mako na tsawon shekara biyu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Mutum zai ce 45,000 sau 4 ya zama 180,000 a wata, sau 24 ya zama 4,320,000. Amma shekara mako 52 ce, ba 48 ba. Shekara biyu mako 104 ke nan, kuma 45,000 sau 104 ya ba da 4,680,000. Mako takwas ɗin da suka ɓace a lissafin farko sun kai 360,000. A haɗa da kafin alƙalamin, abin da direban zai biya gaba ɗaya 4,980,000 ne, ƙarin da ke kan farashin hannu kuma 1,780,000. Ko cinikin ya yi ko bai yi ba, wannan ya danganta da abin da keken ke kawowa a rana da kuma wanda gyara ke kansa. Amma direban ya shiga da sanin adadin, kuma ya tabbatar yarjejeniyar ta faɗi yawan makonni da lamba, ba "shekara biyu" kawai ba. Idan biyan na kullum ne, a fayyace ko Juma'a da ranakun Sallah da ranar da keke ke gareji suna cikin ƙidaya.

Mai karatu da yawa zai ce shi ba ya cin bashin ruwa saboda haramcin riba a Musulunci, don haka wannan bai shafe shi ba. Hukuncin na malamai ne, ba nan ne wurinsa ba. Amma lissafin ya shafe shi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna amfani da murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Sharaɗin murabaha shi ne a bayyana farashin saye da ribar da aka ɗora, kuma jimillar ba ta ƙaruwa bayan an ƙulla ciniki. To tara biyan naka ka cire farashin kayan: abin da ya fito dole ya yi daidai da ribar da aka faɗa maka. Idan ya zarce, akwai cajin da ba a ambata ba, kuma kana da haƙƙin tambaya.

Sai dai wannan lissafi yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakarsa ba zai iya yanke hukuncin da bai dace ba. Jimillar ruwa tana faɗa maka nawa, ba ta faɗa maka na tsawon wane lokaci ba. A ce wata manhajar rance a waya ta ba ka 20,000 ka mayar da 23,000 bayan mako biyu. Ruwan 3,000 ne kawai, kusa da 123,327 kamar ba komai ba. Amma kashi 15 cikin ɗari ne a mako biyu, wato kusan kashi 30 a wata, ninki goma na rancen bankin da muka lissafa. Saboda haka, jimilla da jimilla ana kwatanta su ne kai tsaye idan adadin rancen ɗaya ne kuma tsawon lokacin ɗaya ne, kamar wurare ukun da mutuminmu ya je. Idan sun bambanta, sai an duba nawa ruwan ya kama a wata a kan kuɗin da ke hannunka da gaske. Ta wannan ma'auni, filat na kashi 3 da muka gani daidai yake da rancen da ake lissafawa a kan saura da kashi 5 da ɗan ɗoriya a wata, domin a tsawon shekarar, matsakaicin abin da ke hannun mutumin bai fi 325,000 ba.

Iyaka ta biyu ita ce, jadawali alƙawari ne na abin da zai faru idan komai ya tafi daidai. Yawancin takardun rancen bankunan kasuwanci na ɗauke da sharaɗin cewa ruwan zai iya canzawa bisa yanayin kasuwar kuɗi, kuma wannan ba magana ce ta ado ba. Ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, kuma bankuna sun bi sahu sun ɗaga na abokan hulɗarsu da ke da irin wannan sharaɗi. Wanda ruwansa ba tsayayye ba ne, jimillar da ya tara ranar sa hannu ƙiyasi ce, sai ya sake tarawa duk lokacin da aka aiko masa da sabon jadawali. Jinkirin biya ma yana ɓata lissafin, domin tara na hawa, kuma ruwa na ci gaba da tafiya a kan abin da ba a biya ba. Ma'aikacin da albashinsa ke makara ya tambayi ranar da ake cira da abin da zai biyo baya idan ranar ta zo asusu babu kuɗi.

Akwai kuma hauhawar farashi, wanda shi ɗin yana ɗan karkata ne ga mai cin bashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 ya kai kashi 34.8 a shekara. A irin wannan yanayi, naira 60,000 da za ka biya nan da wata 12 ba ta kai darajar ta yau ba, kuma kwanon da mutuminmu ya saya yanzu zai iya fin haka tsada baɗi. Tarawa ba ta ganin wannan, tana ɗaukar nairar bana da ta baɗi ɗaya. Amma kada a yi saurin fakewa da shi: hujjar tana aiki ne ga wanda kuɗin shigarsa ke tashi tare da farashi, kuma albashi ba kasafai yake yin haka ba.

Wani amfanin jadawalin shi ne ranar da kuɗi suka samu kana son ka sauke bashin kafin lokaci. A tsari na uku, idan mutumin ya biya 326,533 bayan wata na shida, ya tsira da ruwan 35,130 da ya rage, sai dai in akwai cajin biya da wuri, wanda shi ma sai a cire daga ribar. A filat kuwa, uwar kuɗin da ta saura 300,000 ce, amma wasu za su ce sai ka cika biya shidan da suka rage, 408,000, ko da yau ka kawo kuɗin. Bambancin 108,000 ne, kuma ana sanin matsayin mai ba da rance a kansa ne kafin sa hannu, ba ranar da ka zo da kuɗi a leda ba.

Wanda ya riga ya karɓi rance ma bai makara ba. Ka nemi bayanan asusunka daga ranar da kuɗin suka shigo, ka ja layi a ƙarƙashin duk cirar da ta shafi bashin, har da ƙananan da ba sa zuwa da alat, ka ƙirga yawansu sannan ka tara. Idan an ce biya 12 ne ka ga 13, ko jimillar ta wuce ta jadawali ba tare da ka yi jinkiri ba, ka rubuta ƙorafi ga bankin ka riƙe kwafi. Idan ba su warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna da ake kai irin wannan ƙara. Wanda kuma bai karɓa ba tukuna, ya roƙi a rubuta masa lambobi uku a takarda ɗaya: nawa zai shigo hannunsa, nawa ne kowane biya, kuma biya nawa ne. Ya tafi da takardar gida, ya tara da kansa, sannan ya dawo ya sa hannu ko ya fasa.